Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Fitar da Jerin Katunan Zance Daga Jawabi Ba Tare da An Yi wa Mai Magana Ƙage Ba

Masu kula da shafukan ƙungiyoyi, da ɗaliban aikin jarida, da matasan da ke yi wa malamai da 'yan siyasa aikin zane a waya suna yawan kawo mini tambayoyi iri ɗaya a kan jerin katunan zance. Ina nufin hotunan nan masu rubutu da ake jerawa a saƙo guda, mai karatu yana ja da yatsa daga ɗaya zuwa na gaba, abin da Instagram ke kira carousel. Na tattara tambayoyin a nan, kuma don kada maganar ta tsaya a iska na ɗauki jawabi guda da kusan kowa ya sani na yi aiki da shi: jawabin da marigayi Muhammadu Buhari ya yi ranar da aka rantsar da shi shugaban Najeriya, 29 ga Mayu 2015, a Dandalin Eagle da ke Abuja. Da Turanci aka yi shi, don haka duk abin da na kawo daga cikinsa a nan fassarata ce.

Daga ina ake farawa? Na ga jimlolin jawabin suna yawo a shafuka, ba zan iya kwasa daga nan ba?

Kada ka kwasa daga nan. Jimlar da ke yawo ta bi ta hannaye da yawa kafin ta iso gare ka, kuma kowane hannu yana iya rage kalma ko ƙara gishiri. Abu biyu za ka nema: bidiyo ko sautin jawabin cikakke, da kuma rubutaccen kwafinsa cikakke. Ka buɗe su tare, kana sauraro kana bin rubutun da ido. Kwafin da ake raba wa 'yan jarida shi ne abin da aka shirya mutum zai faɗa, kuma sau da yawa mai jawabi yakan tsallake sakin layi, ko ya ƙara wata magana da ka, ko ya sauya lamba. Idan biyun suka saɓa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne za ka sa cikin alamar zance, tunda katinka cewa yake yi "ya ce".

Yayin sauraron, ka riƙe takarda ko wani shafi a waya mai gida uku: jimlar kamar yadda aka faɗe ta, minti da daƙiƙar da ta zo a bidiyon, sai jimlar da ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Gida na ukun ne mutane ke rainawa, alhali shi zai cece ka a tambayoyin da ke tafe.

Wace irin jimla ce ta cancanci kati?

Wadda za ta iya tafiya ita kaɗai ba ta yi ƙarya ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake komawa gare shi a kowane mataki, don dalili mai sauƙi: kai ka jera katuna takwas, amma wanda ya ga na uku ya burge shi zai ɗauki hotonsa daga fuskar waya ya tura a WhatsApp, daga can ya shiga zaurukan da ba ka taɓa jin sunansu ba. Can babu kati na biyu, babu na huɗu, babu dogon bayanin da ka rubuta a ƙasan saƙo. Katin ne kawai, tsirararsa.

Saboda haka kafin ka zaɓi jimla, ka rufe sauran jawabin da hannu ka karanta ta kamar baƙon da bai san komai ba. Shin ya san wa ake nufi da "su", ko "wannan", ko "can"? Shin abin da zai fahimta shi ne abin da waɗanda ke zaune a dandalin suka fahimta a ranar? Jimlar da ta fi kowace shahara a jawabin 2015 ta ci wannan jarrabawa cikin sauƙi: "Ni na kowa ne, kuma ni ba na kowa ba ne." Gajera ce, ba ta jingina da komai ba, kuma ma'anarta ba ta sauyawa ko an cire ta daga mazauninta. Ba duka jimloli ke da wannan sa'a ba, kuma a jawabi mai tsawo da wuya ka sami fiye da biyar ko shida irinta.

Abin da nake tsallakewa kullum shi ne gaishe-gaishe da godiyar farkon jawabi, sai fa idan godiyar kanta labari ce. A wannan jawabi, yabon da Buhari ya yi wa Goodluck Jonathan kan dattakun da ya nuna labari ne, domin karon farko ke nan a tarihin Najeriya da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki ga ɗan adawa. Wanda yake son ya ba shi kati, ya yi daidai.

Jimlar da nake so ta yi tsawo. Zan iya datse ta?

Za ka iya, amma a nan ne aka fi cutar masu jawabi, kuma galibi ba da mugun nufi ba, sai don rubutu ya shiga cikin akwati. Ga misali daga jawabin. Bayan maganar "na kowa", Buhari ya ce wasu mutane ƙalilan sun bayyana fargaba a ɓoye cewa idan ya dawo mulki zai bi ta kansu. Nan take ya ce wannan fargaba ba ta da tushe, ba za a yi ramuwar gayya ba. To, ka ɗauka wani ya datse farkon, ya bar "idan na dawo mulki zan bi ta kansu", ya sa hoton mutumin a gefe. Kowace kalma tana cikin jawabin, amma katin ya faɗi kishiyar abin da aka faɗa. Mai zanen zai rantse bai ƙara komai ba, kuma gaskiya ne, amma ya yi ƙage.

Ga kalmomin da idan almakashinka ya zo kusa da su ya kamata ka dakata: "ba", "amma", "idan", "sai dai", "wasu na cewa", "kusan". Ƙanana ne, su ne kuma ke riƙe da ma'ana. Ɗauki wurin da ya yi maganar Boko Haram. Ya ce za a mayar da cibiyar ba da umarnin yaƙi Maiduguri, ta zauna can har sai an murƙushe ƙungiyar gaba ɗaya. Sai ya ɗora da "amma": ba za mu iya cewa mun ci Boko Haram da yaƙi ba matuƙar ba a ceto 'yan matan Chibok da duk sauran bayin Allah da ake tsare da su ba. Idan ka tsaya a kan 'yan matan Chibok ka sa aya, ka jefar da "duk sauran", ka rage alkawarin, ka kuma share dubban mutanen da iyalansu suka ji an ambace su a ranar. Ni a wurina wannan jimla ko dai ta shiga da jelarta ko a bar ta.

Idan ka cire wani abu daga tsakiyar jimla, ka sa ɗigo uku a gurbinsa don mai karatu ya san an yi tsallake. Amma ɗigo uku ba igiya ba ce da za ka ɗaure jimlar minti na biyar da ta minti na sha biyar su zama magana ɗaya. Idan sun yi nisa da juna, kowace ta sami katinta.

Jawabin da Turanci aka yi shi, masu bina kuma Hausawa ne. Fassara tana shiga cikin alamar zance?

Tana shiga, da sharaɗin katin ya faɗa cewa fassara ce. Layi ɗaya ƙarami ya isa: "Fassara daga Turanci", sai sunan shafinku ko na wanda ya fassara. Dalilin shi ne da zarar ka fassara, ka zama abokin tarayya a maganar. Zaɓin kalma naka ne, kuskure ma idan an yi naka ne, bai kamata a ɗora wa mai jawabi ba. Akwai kuma masu karatu da za su ɗauka da Hausa ya yi maganar, musamman mutum irin Buhari da aka saba jin hirarrakinsa da Hausa a rediyo, har su riƙa kafa hujja da kalmar da kai ka zaɓa.

Bari in nuna inda fassara ke da santsi. Jimlar da ta gabaci "na kowa" tana cewa tunda ya rantse 'yan mintoci da suka wuce, ya ƙudiri aniyar cika rantsuwarsa ya zama shugaban dukkan 'yan Najeriya. A Turancin bai ambaci sunan littafin da ya rantse da shi ba, ya yi amfani da kalmomi biyu ne da ke nufin littafi mai tsarki. Idan ka fassara kalma da kalma ka rubuta "Littafi Mai Tsarki" da manyan baƙaƙe, to a Hausa wannan shi ne sunan da Kiristoci ke kiran Baibul, kuma mai karatu zai rikice, domin kowa ya ga da Alƙur'ani aka rantsar da shi. Idan kuma ka rubuta "Alƙur'ani" kai tsaye, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, amma ka sa masa kalmar da bai furta ba, a jimlar da gaba ɗayanta an gina ta ne don ta haɗa kowa. Mafitar da na fi so ita ce a fara zancen daga bayan wurin: "Na ƙudiri aniyar cika rantsuwata, in zama shugaban dukkan 'yan Najeriya." Ba a rasa komai na ma'ana ba, ba a kuma ƙirƙiri rigima ba.

Idan akwai wuri a katin, ka sa asalin Turancin da ƙananan haruffa a ƙasan fassarar. Idan babu, ka sa shi a bayanin ƙasan saƙo. Kada dai ka yi wa mutum ado da karin maganar da bai yi ba don fassarar ta yi zaƙi. Na sha ganin an liƙa wa Bature "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" cikin alamar zance.

Me ya kamata layin sunan mai magana ya ƙunsa?

Abu huɗu: suna, matsayinsa a ranar da ya yi maganar, taron, da kwanan wata har da shekara. Ga yadda zan rubuta shi a ƙasan kowane kati na wannan jeri:

Muhammadu Buhari, Shugaban Najeriya
Jawabin rantsarwa, Abuja, 29 ga Mayu 2015
Fassara daga Turanci

A kowane kati, na ce, ba a na farko ko na ƙarshe kawai ba. Masu zane kan ce maimaitawar tana ɓata kyan aiki. Ni kuwa na gwammace kati mai ɗan cunkoso a kan kati maraya da zai je wani wuri a liƙa masa uban da ba nasa ba.

Matsayi na ranar yana da muhimmanci ga mutumin da ya riƙe muƙamai daban-daban. Buhari ya yi shugaban mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985, ya yi takara sau uku bai ci ba kafin 2015, ya sauka a 2023, ya rasu a Yulin 2025. Maganar ɗan takara daban, maganar shugaba mai ci daban. Idan kana son sa "marigayi", wurinsa katin farko ko bayanin ƙasa, inda kai ne ke magana. Layin suna kuwa ya tsaya a kan yadda abin yake a ranar jawabin.

Shekara kuma ita ce ke kare jimlolin da ke ɗauke da lamba. A jawabin ya ce abin kunya ne ga ƙasa mai mutum miliyan 180 ta riƙa samar da megawat 4,000 kacal na lantarki, abin da take rabawa ma bai kai haka ba, kuma kusan dala biliyan 20 da aka kashe tun 1999 ba su haifar da komai ba sai duhu da takaici. Cire "2015" daga wannan kati, ka ga yadda zai zama sabon labari duk lokacin da aka ɗauke wuta, a ɗauka jiya wani ya faɗa. Kuma ka lura da "kusan". Idan ta faɗi, ka mayar da ƙiyasi ya zama lissafi.

Idan mai jawabin shi ma wani ya ambato fa?

To zancen na wancan ne, kuma katin ya faɗi haka. Dab da ƙarshen jawabin 2015, Buhari ya karanto wasu baitoci daga wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Julius Caesar, masu maganar cewa al'amuran mutane suna da lokacin cikar ruwa, wanda ya hau a kan lokaci ya kai ga nasara. Shi da kansa ya faɗi inda ya ɗauko su. Wanda ya yanko baitocin ya sa "Buhari" a ƙasa ya yi kuskuren da mai jawabin bai yi ba. Ko dai ka rubuta "Shakespeare, kamar yadda Buhari ya karanto a jawabinsa", ko ka tsallake su ka ɗauki abin da ya biyo baya, wanda nasa ne: "Mun sami dama. Mu yi amfani da ita."

Wani lokaci kuma mai jawabin ba ya faɗa, wataƙila shi ma bai sani ba. A Satumban 2016, a jawabin da Buhari ya yi na ƙaddamar da gangamin nan na cewa canji daga kaina zai fara, an gano wani sakin layi da aka ɗauko kusan kalma da kalma daga jawabin nasarar zaɓe na Barack Obama na 2008, kuma fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa haka ne, ta ɗora laifin a kan masu rubuta jawabin. Duk shafin da ya yi gaggawar mayar da wannan sakin layi kati ya yaɗa maganar Obama da sunan wani. Hanyar kariya ba ta da wuya: jimlar da ta yi maka kyau fiye da sauran jawabin, ka kwafe ta da asalin harshenta, ka sa ta cikin alamar zance a Google ka nema. Minti ɗaya ne.

Masu yin katuna daga wa'azi da lacca sun fi kowa bukatar wannan. Malam yana cikin magana zai kawo aya, ya kawo hadisi, ya kawo maganar wani magabaci, ya fassara, ya ɗora da nasa bayanin, duk cikin numfashi ɗaya. Wajibi ne ka rarrabe inda nassi ya ƙare da inda sharhin malam ya fara. Aya a sa mata sura da lamba, hadisi a sa wanda ya ruwaito shi bayan an duba, kuma idan ba ka iya tantancewa ba ka tambayi malamin ko ɗalibansa kafin ka wallafa. Mu da muka gaji ilimin isnadi, inda ake bin magana baki da baki har zuwa tushenta, bai dace a same mu da sakaci a nan ba.

Jaridu duk sun sa wata magana a kanun labari. Ba zan iya ɗaukarta a matsayin zancensa ba?

Kanun labari taƙaitawar edita ce. Misalin da ba na mantawa shi ne na Afrilun 2018, lokacin da Buhari ya amsa tambaya a wani taron kasuwanci na ƙasashen Kwamanwel a Landan. Abin da ya faɗa shi ne da yawa daga matasan Najeriya ba su je makaranta ba, suna ganin tunda ƙasar tana da mai sai su zauna ba su yin komai a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Kalmar Turanci mai nufin malalata, wadda ta zama taken dukkan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya, ba ta cikin abin da ya furta. Kana iya ganin ma'anar ɗaya ce, kana da 'yancin faɗin haka da bakinka, har ka soki maganar. Abin da ba ka da 'yancinsa shi ne ka sa kalmar cikin alamar zance ka rubuta sunansa a ƙasa. Idan taƙaitawa kake so, cire alamar, ka rubuta "ya ce" ko "a cewarsa" da naka kalmomin, kuma ka bambanta launin katin ko siffar haruffansa da na katunan zance na ainihi.

Katuna nawa, kuma a wane jeri?

Instagram yana karɓar har 20 a saƙo guda, X kuwa hoto huɗu. Samun wuri ba dalilin cika shi ba ne. Ga wannan jawabi ni takwas zan yi. Na farko murfi ne: jawabin wa, ina, yaushe, ba tare da wani zance ba. Na biyu, "na kowa". Na uku, fargaba da ramuwar gayya, da farkonta da ƙarshenta. Na huɗu, kiran da ya yi wa kafofin yaɗa labarai, har da na sada zumunta, cewa su yi amfani da ƙarfinsu cikin sanin ya kamata da kishin ƙasa. Na biyar, Maiduguri da Chibok. Na shida, lantarki. Na bakwai, "Mun sami dama." Na takwas shi ne inda za a sami cikakken bidiyon da rubutun, da sunan mai fassara da mai hoto.

Jerin nan shi ne jerin da maganganun suka zo a jawabin, kuma da gangan na bar shi haka. Idan ka juya jeri kana iya ƙirƙirar hujjar da mutum bai kafa ba, domin mai karatu yana ɗaukar kati na biyar a matsayin ci gaban na huɗu. Ka kuma sa lamba a kusurwa, 3/8, 4/8, don wanda kati ɗaya ya iske shi ya san akwai 'yan uwansa.

Akwai wata tambaya da ke ɓoye cikin wannan: shin zaɓin kansa adalci ne? Kana iya ɗaukar jimloli shida na gaskiya ka fitar da hoton ƙarya, idan duka daga kusurwa ɗaya ka ɗebo su. Idan jigo ɗaya kake bi, misali alkawuran tsaro kawai, murfin ya ce "Abin da ya faɗa kan tsaro", kada ya ce "Muhimman kalaman jawabin".

Ta fuskar zane, me ke ɓata katin Hausa?

Haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, da kuma ƴ ga masu rubutu da ƙa'idar Nijar. Yawancin kyawawan salon haruffan da ke cikin manhajojin zane irin su Canva ba su da su. Sai ka ga akwati fanko a gurbin harafin, ko kuma manhajar ta aro shi daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Wasu sai su gudu su rubuta k da d da b kawai, kuma a katin zance wannan sauya magana ne: "ƙasa" ba "kasa" ba ce, "ɗaukar" ba "daukar" ba ce, kuma "ƙudiri" da aka cire wa lanƙwasa ya zama abin da ba a faɗa ba. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da waɗannan haruffa. Kafin ka fara aiki, rubuta "ƘƙƊɗƁɓ" da salon da ka zaɓa, da siririnsa da mai kaurinsa, ka duba da kyau.

Girman kati 1080 a faɗi da 1350 a tsaye yana cika fuskar waya da kyau. A kan wannan girma ina ƙoƙarin kada zance ya wuce kalma 30 zuwa 35, kuma layin suna kada ya yi ƙanƙantar da sai an buɗa hoto da yatsu biyu kafin a karanta. Ka matso da layin sunan kusa da zancen, kada ka kai shi can gindin kati, domin mai yanke hoto daga ƙasa yake fara yankewa. Gwajin ƙarshe shi ne ka tura wa kanka katin ta WhatsApp, wanda ke rage ingancin hoto, ka duba shi a ƙaramar waya a cikin hasken rana.

Hoton mai jawabin fa, kowanne zan iya sawa?

A'a, ta fuska biyu. Ta farko, hoto yana da mai shi, wato wanda ya ɗauka ko kamfanin da yake wa aiki, kuma ganinsa a Google ba izini ba ne. Ka nemi wanda aka saki da lasisin amfani, kamar na Wikimedia Commons, ka karanta sharaɗinsa, ka rubuta sunan mai ɗaukar yadda aka bukata. Ta biyu, hoto yana magana. Buhari cikin kakin soja na 1984 a gefen "ba za a yi ramuwar gayya ba" sharhi ne kake yi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Hoton ranar jawabin ya fi, idan kuma na wata rana ne ka rubuta shekararsa. Tambarin shafinku ya zauna ƙarami a kusurwa, nesa da layin suna, kada ya yi kama da sa hannun mai magana ko ya nuna kamar yana goyon bayanku.

Na riga na wallafa sai aka nuna mini kuskure. Yaya zan yi?

Ya danganta da inda kuskuren yake. Idan a bayanin ƙasa ne, ana gyara shi, sai ka ƙara layi mai cewa an gyara kaza. Idan a jikin kati ne, Instagram ba ya bari a musanya hoto bayan an wallafa. Abin da za ka iya shi ne cire katin daga jerin, ko sauke saƙon gaba ɗaya ka sake ɗorawa. Kuskuren harafi da bai taɓa ma'ana ba, a bayyana shi a ƙasa ya wadatar. Amma idan suna ne, ko shekara, ko lamba, ko kalmar da ta juya magana, ka sauke katin nan take, kada yawan waɗanda suka so shi ya hana ka, domin kowace sa'a da ya ƙara a sama ƙarin kwafi ne da ba za ka iya kamowa ba. Sannan ka fitar da gyararren kati mai ɗauke da kalmar "Gyara" a samansa, ka tura shi ta duk hanyoyin da ka tura na farko, har da zaurukan WhatsApp ɗin da ka san ya shiga. Wanda ya nuna maka kuskuren kuma ka amsa masa a fili inda ya yi maganar, ka ba shi minti da daƙiƙar wurin a bidiyon daga takardar nan mai gida uku, don shi ma ya saurara da kunnensa.